Yadda ake maida ƴar barandar bene wurin zama, da kujerun da ba sa tsoron rana da ruwa

Barandar da nake magana a kai ƙafa goma ce a tsawo, ƙafa huɗu a faɗi, wato kusan mita 3 da mita 1.2, a hawa na ɗaya na wani gidan haya a Kano. Shekara biyu muna ciki ba abin da ke wurin sai tsohon janareta da bokitai da igiyar shanya da wani keken yara da ba taya. Ran da na ce bari in gyara wurin, kuskuren farko da na yi shi ne na jawo tsohuwar kushin ɗin falo mai zaman mutum biyu na ajiye, na haɗa da ƙaramin tebur na katakon nan na gari da ake matsewa, MDF. Damina ɗaya kacal. Teburin ya sha ruwa ta ƙafafu ya kumbura kamar burodi, fatar samansa ta ɗaɗɗago, kushin kuwa soson ciki ya jiƙe bai sake bushewa ba, fumfuna ta kama shi, wari kamar an rufe jiƙaƙƙen buhu a ɗaki. Da kuɗina na biya almajirai suka sauke su. To abin da zan faɗa a nan daga zagaye na biyu ne, wanda ya yi.

Kafin ka sayi komai, ka san ina barandarka ta kalla

Wannan shi ne abin da ya fi komai, kuma ko sisi ba ya ci. A ƙasar nan tamu yawanci hadari daga gabas yake tasowa, kuma iska ce ke fara zuwa da ƙura kafin ruwan, don haka barandar da ta kalli gabas ruwa ba daga sama yake zuwar mata ba, a karkace yake shigowa har ya doki bango da ƙofa, rufin da ke samanka bai hana komai ba. Wadda ta kalli yamma kuma ita matsalarta rana ce, daga bayan azahar har kusan magariba, a watan Afrilu bango na ɗaukar zafi ya riƙe har bayan isha. Ta arewa ta fi samun inuwa amma ita ke shan ƙurar hunturu. Tawa gabas ta kalla, shi ya sa kushin ɗina ya mutu da wuri.

Ba sai ka nemi wata na'ura ba, mu nan alƙiblarmu gabas ce, ka duba inda kake fuskanta in za ka yi salla ka kwatanta. Sannan ka ɗau kwana biyu kana leƙawa da safe, da azahar, da la'asar, ka ga inda rana ke tsayawa a ƙasa. In lokacin damina ne ma ya fi, bayan an ɗauke ruwa ka fita da alli ka zana iyakar inda ya jiƙe a ƙasa da kuma a bango. Ni da na yi, sai na ga akwai lungu ɗaya can ƙarshe, inda bangon maƙwabci ya ɗan tare, da feshi kawai yake samu. Nan na ajiye duk abin da ba ya son ruwa daga baya.

Kwashe komai, ka zuba bokiti ɗaya na ruwa

Fitar da kaya duka, share, sannan ka kwara ruwa bokiti guda daga bakin ƙofa ka tsaya ka kalla. Ya kamata ya gangara ya nufi ɗan bututun da aka bari a gindin bango ya fita. Gangarar da ake so ba ta da yawa, santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, ido ma ba ya gani sai ruwa ya nuna maka. In ya tafi ya bar wurin cikin minti kaɗan, alhamdulillahi. In ya kwanta a tsakiya, ko mafi muni ya juyo ya nufi ƙofar ɗaki, to akwai aiki kafin maganar kujera.

Nawa ya kwanta ne a wajen bututun, da na zura waya mai kauri sai ga busasshen siminti tun na magina da ledar fiya wata da yashi. Minti ashirin na yi na buɗe shi. Da yawa matsalar ke nan kawai. Idan kuma daɓen ne ya lotsa, ka kira birkila ya yi maka sabon daɓe siriri mai gangara, amma fa ka fara gaya wa mai gidan haya, kuma kar a tara siminti mai kauri, barandar bene musamman wadda ta fito waje ba ginshiƙi a ƙasanta ba a ɗora mata nauyi yadda aka ga dama. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, durom mai lita 200 cike kamar ka tsayar da manya uku ne a wuri guda dare da rana. In ka ga tsaga a inda baranda ta haɗu da bangon gida, ko ka leƙa ta ƙasa ka ga siminti ya ɓare rodi ya fito ya yi tsatsa, ka dakata da komai, a kira injiniya ya duba tukuna.

Janareta kuma ka nema masa wani wuri. Ba a zama kusa da shi yana aiki, hayaƙinsa na kisa kuma guban da ke ciki ba a jin warinsa, ga shi ta taga yake komawa ɗaki.

Ka duba ƙarfen kariya na bakin barandar shi ma, ka kama ka girgiza. Tsayinsa kada ya gaza mita ɗaya, tazarar tsakanin sanduna kada ta wuce santimita 10, in kan yaro zai iya shiga to jikinsa ma zai bi. Zan dawo kan maganar yara don ita ce ta yanke min inda zan ajiye benci.

Awo, da tef ba da ido ba

Ƙafa huɗu faɗi ba wani fili ba ne. Kujerar roba mai hannu tana cin wajen santimita 55 zuwa 60, in ka zauna gwiwarka ta ƙara, sai ka ga ba mai iya wucewa ta gabanka. Don haka na haƙura da kujeru na koma benci siriri da zai jingina da bangon gida. Zurfinsa santimita 45, saura 75 a gaba, ya ishi a miƙe ƙafa kaɗan kuma mutum ya raɓa ya wuce. Tsawonsa santimita 150, mutum biyu a sake, uku in an matsu. Tsayi daga ƙasa 38 na ce a yi, saboda katifar da za a ɗora za ta ƙara kamar 7, ya zama 45, wanda shi ne tsayin kujera da aka saba. Mutane na manta wannan lissafin, sai a yi benci 45 a ɗora soso a kai, ka zauna ƙafarka na lilo kamar ɗan firamare.

Kafin ka je wajen mai walda, zana bencin da alli a ƙasa daidai girmansa, ka buɗe ƙofa har ƙarshe ka ga ko za ta doke shi. Kuma ka auna faɗin matattakala da kwanarta. Na san wanda aka yi wa benci mai kyau sai da aka ɗaure da igiya aka jawo ta sama don ya ƙi shan kwana.

Dalilin jingina shi da bangon gida ba da ƙarfen kariya ba shi ne yara. Duk abin da ka ajiye jikin ƙarfen nan ya zama tsani, benci mai tsayin 45 ya maida kariya mai mita ɗaya ta koma rabi. Kuma wannan ne ya sa na ƙi kujerar roba gaba ɗaya a sama, yaro ɗan shekara uku zai ja ta ya kai inda yake so. Ita ma iska haka, hadari ɗaya sai ka tsinci kujerarka a tsakar gidan maƙwabta. In barandar ƙasa ce, ta roba ba laifi, sai dai ka sani rana na cinye ta, za ka ga ta fara kodewa, in ka shafa wani farin gari ya biyo hannunka, daga nan ba ta da nisa, wata rana baƙo zai zauna ƙafar baya ta ɓalle.

Wajen mai walda

Nan ne ake cin kuɗin mutane ba su sani ba, don in an shafa fenti duk ƙarfe iri ɗaya ne a ido. Ka ce fayif mai kusurwa huɗu na inci ɗaya kake so, kauri milimita 1.5, kuma ka je da kanka ka ga bakin da aka yanka kafin a haɗa. Akwai mai laushi sosai da ake yi wa kayan araha, walda ma huda shi take yi, shi wannan tsatsa na cin sa ta fita ɗaya gefen cikin damina biyu uku. Da na ce wa mai waldar haka sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji ai sai ka ƙara kuɗi, wancan na masu sauri ne." Na ƙara, kuma ban yi nadama ba.

Abin da ke kashe kujerar ƙarfe ba ruwan da ya taɓa bayanta ba ne, wanda ya shiga cikin fayif ya kwanta ne. Saboda haka duk bakin fayif da ya kalli sama ko gefe a toshe shi da walda, kar a bar shi a buɗe. Ƙafafun kuma a sa musu robar ƙafa, ana sayarwa wajen masu kayan ƙarfe daidai girman fayif ɗin, tana ɗaga ƙarfen daga jiƙaƙƙen daɓe kuma tana hana jan tabon tsatsa da ke ɓata tayil, wanda in ya kama fitarsa sai an sha wuya. Ni na sa ya huda ƙaramin rami a gefen kowace ƙafa can ƙasa dab da robar, ko ruwa ya sami hanyar shiga ya sami ta fita.

Sai fenti, kuma don Allah kar ka bari a yi maka na tsaye-tsaye. Da farko a kankare ƙashin walda a gurje wurin da giranda, don a nan tsatsa ke fara fitowa. A bi da samfefa, a goge man da ke jikin sabon fayif da tsumma da tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, in ba haka ba fenti ba zai kama ba, zai riƙa saɓulewa kamar fatar maciji. Sannan a shafa jan fentin nan na kariyar tsatsa da ake fara sa wa get da tagogi, a ko'ina har ƙarƙashi inda ba a gani, a bar shi ya kwana. Washegari fentin mai shafi ɗaya, ya sake kwana, sannan na biyu. Kwana uku ke nan aƙalla. Wanda ya ce maka ka dawo da yamma ka ɗauka, shafi ɗaya ya yi maka a kan ƙarfe tsirara. Yadda za ka gane: ka kifa bencin ka karce wani ɓoyayyen wuri da makulli, in ba ka ga ja a ƙarƙashi ba, ba a sa ba.

Launi ma ka yi tunani. Baƙi na da kyau a hoto amma in rana ta doke shi a bazara ba ka iya ɗora hannu. Ni ruwan toka mai haske na zaɓa, ba ya zafi sosai kuma ƙurar hunturu ba ta nunawa a kansa kamar yadda take yi a baƙi.

Abin da za a zauna a kai

Hanya biyu ce mai kyau. Ta farko saƙar igiyar roba, irin kujerun nan da ake gani a ƙofar gidaje a Maraɗi da Damagaram da nan wajenmu ma, ruwa na bi ta ciki ya wuce, iska na ratsawa, ba ka buƙatar katifa, in igiyar ta saki ko rana ta cinye ta bayan ƴan shekaru a sake saƙawa a kan ƙarfen nan dai. Maganar gaskiya in don sauƙi ne da araha ba abin da ya kai ta.

Ni dai na bi ta biyu, katako, don maiɗakina ta ce tana son wurin da za a ajiye faranti da kofin shayi a gefe. In katako ne to mai tauri, loko da ƴan katako ke kira iroko, ko maɗaci, su ne ke jure ruwa kuma gara ba ta cika damunsu ba. Farin katako mai laushi da filawud na cikin ɗaki ne. A yanka shi sille-sille, faɗin santimita 7, a jera da tazarar santimita ɗaya tsakani don ruwa ya zube, kar a shimfiɗa allo guda, zai tara ruwa ya bankare. Kuma ka tabbata busasshe ne. Ɗanyen katako za ka ji shi da nauyi da sanyi a hannu, in ka sa shi a watan Satumba, zuwa Janairu hunturu ya tsotse shi ya tsattsage. Kafinta ya huda kafin ya ɗaura noti, kuma a nemi wanda ba ya tsatsa, don na baƙin ƙarfe na barin baƙin tabo a jikin katakon.

Kan banish, abin nan da ake shafa wa katako ya yi sheƙi, na sha musu da kafinta. Yana ƙyalli ranar farko, amma a waje rana na fasa shi, ruwa ya shiga ƙarƙashi, ya riƙa ɓarewa faci-faci, gyaransa kuma sai ka kankare duka. Man katako da ke shiga ciki ya fi, irin man linsid, ka shafa da tsumma, bayan kamar rabin awa ka goge wanda bai shige ba, ka maimaita sau biyu ko uku da kwana ɗaya tsakani, ka fi ba bakin da aka yanka don ta nan katako ke shan ruwa. Sau ɗaya a shekara, kafin damina, ka sake. Tsumman da ka yi aiki da shi kar ka dunƙule ka jefa a lungu, yana iya kamawa da wuta da kansa, ka baza shi a fili ya bushe ko ka tsoma a ruwa.

Katifa

Ba soson da ke son ruwa, duk abin da mai shago zai ce maka. Dabarar ita ce a yi ta yadda ɗauka ba wuya. Na sa aka yanka soso mai tauri na inci uku gida biyu, kowanne 75 da 45, yaro ma zai iya ɗauka da hannu ɗaya. Na kai wa mai ɗinkin kujerun mota ba telan kaya ba, ya rufe da ledar kujera, zif ɗin a baya ta ƙasa, ɗinkin kuma a gefe ba a sama ba don ta ramin allura ruwa ke shiga. Ledar nan ita kaɗai a lokacin zafi tana manne wa jiki da gumi, sai muka ɗinka mata riga ta atamfa da ake cirewa a wanke. Atamfar na kodewa, eh, mun sani, shi ya sa ragowar yadi muke sawa.

Dokar gidanmu yanzu, da an ga gabas ta yi baƙi an ji iskar nan mai sanyi, duk wanda ke kusa ya jefo katifun cikin falo. In an manta sun jiƙe, a zuge zif a zaro soson a matse a jingina shi a tsaye a rana har ya bushe ƙarau, in ka maida shi da ɗan danshi a cikin leda fumfuna ka rufe.

A ƙasa tabarmar roba muka shimfiɗa, ba kafet ba. Ana naɗe ta, ana wanke ta da omo, ta bushe cikin awa guda. Tebur kuma ƙarami ne mai naɗewa da aka ɗaure a bango da ƙugiya biyu, in an gama a sauke shi ya kwanta.

Asabari, da maganar idon mutane

A bene in ka zauna unguwa duka na kallonka, kai ma kana kallon tsakar gidan wasu, wanda ba daidai ba ne, kuma in ba a yi sitira ba matan gida ba za su taɓa zama a wurin ba, ka yi aikin banza. Asabari muka rataya guda biyu daga saman baranda, yana tare ido da rana da rabin feshi amma iska na ratsawa. Jikin ƙarfen kariya kuma muka ɗaura koriyar ragar nan ta inuwa da masu rainon tsirrai ke amfani da ita, daga ciki, a ɗaɗɗaure tamau.

Kar ka sa tamfol. Na gwada, iska ba ta da hanyar wucewa sai ya cika ya kumbura yana fizga, a daren da aka yi wani hadari ya tumɓuke ƙusoshi biyu daga bango har da ɓallin filasta, ga ƙara kamar ana dukan ganga. Shi kansa asabarin a sa masa igiya a ƙasa a ɗaure da ƙarfe don kar ya riƙa kaɗawa, in iska ta yi ƙarfi kuma a naɗe shi sama, gara benci ya jiƙe, ai don haka aka yi shi. Wajen kafawa a huda da dirila a sa fisha, ƴar robar nan da ake cusawa a ramin bango, da noti, ƙusar kankare girgiza na sassauta ta a hankali. Nan ma ka nemi izinin mai gida kafin ka huda masa bango.

Wuta da sauro a taƙaice. Fitilar sola ƙarama ta ishe mu, da fanka mai caji da ake fitowa da ita. In lallai sai ka ja soket, mai gyaran wuta ya sa mai murfi, a sama can inda allinka ya nuna ruwa ba ya kaiwa, kar a bar wayar wuta kwance a ƙasa. Ƙwan fitila mai haske ja-ja ya fi fari tas rashin tara ƙwari. In za ka ajiye tukwanen fulawa, a ƙasa a lungu, ba a kan ƙarfen kariya ba, kuma farantin da ke ƙarƙashinsu a riƙa zubar da ruwansa, sauro cikin mako ɗaya zuwa kwana goma yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo.

Abin da ya rage kulawa ce kuma ba ta da yawa. A hunturu goge ƙura da ɗanyen tsumma duk bayan kwana biyu. A watan Mayu kafin ruwa ya sauka na kan ware Asabar ɗaya, in zura waya a bututun, in kifa bencin in duba wajen walda da ƙafafu, duk inda na ga fenti ya yi ƙuraje ko jan ɗigo in gurje da samfefa har ƙarfe ya yi haske, in ɗiga jan fenti, washegari in bi da ruwan tokar, sannan in shafa wa katakon mai. Bana ɗigo uku na samu, duka a ƙafar da ta fi kusa da bututun ruwa, robarta ce ta tsage ban lura ba, na sayo wata na canja.